Makullin Inna Furera

A gidan Alhaji Iliyasu, a wani ƙauye kusa da Kunci, ba a ɗora tukunya sai Inna Furera ta auna. Matar yayan Alhaji ce. Mijin ya rasu da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba, danginta kuma duk sun ƙare. Abin da ya riƙe ta a gidan makullin ɗakin abinci ne, da take ɗaurewa a bakin zani. Mutum wajen talatin ke ci daga hannunta, da wanda yake ƙaunarta da wanda ba ya yi, dole ya gaishe ta.

Aikin ta iya shi, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Gero da dawa na gona ne, suna rumbu. Sauran kuwa, in wata ya kusa mutuwa, sai ta zauna a zaure gaban Alhaji ta lissafa masa da ka: shinkafa, wake, manja, gishiri, daddawa, kanwa. In azumi ya gabato ta ƙara sukari da tsamiya. Niƙan masara ba ta yarda a yi da yawa, don gari ba ya jure ajiya. Buhu ba ya taɓa ƙasa ko bango, sai kan katako. Dokarta guda ce, har yara sun haddace suna kwaikwayon muryarta: sabo ya wuce baya, tsoho ya dawo gaba, tsoho ake fara ci.

Da girma ya zo, gwiwa ta ƙi, ido ya yi yana. Jan buhu ya koma hannun Naziru, babban ɗan Alhaji, magidanci da iyalinsa, wanda ita ta yaye shi ta goya shi. Ranar da ya kawo sayayya sai ta zauna a bakin ƙofa ta tambaya.

"Naziru, ka tura sabon baya?"

"Na tura, Inna."

Ƙarya yake yi, malalacin banza. A bakin ƙofa yake jibge sababbin buhuna ya karkaɗe hannu ya tafi majalisa. Ita kuma baiwar Allah ta lalubi na gaba ta auna, har tana yaba kyan waken bana. Ganin wake ba ya ƙarewa bai dame ta ba, don lissafinta na wata yana tafiya daidai da abin da ake ci. Damina ta wuce a haka, tsofaffin buhunan na can ƙurya jingine da bango mai laima. Ta taɓa cewa tana jin wari, Naziru ya ce ɓera ne ya mutu, ya fitar.

Ana saura 'yan kwanaki azumi Alhaji ya ce a fito da komai tsakar gida a gani. Buhunan baya da ƙyar suka ɗagu. Waken duk ya huje, ƙwari suna ta yawo, shinkafar ta dunƙule ta yi baƙi. Matan gida suka taru. Inna Furera ta zura hannu a buhu, gari ya bi yatsunta.

"Yaya Furera," in ji Alhaji, "wannan ce amanar?"

"Alhaji, a tambayi Naziru inda yake ajiye sabo."

Naziru ko ƙifta ido bai yi ba. "Inda ta nuna mini nake ajiyewa, Baba. Ai ba ta gani, ɓoyewa take yi."

Babu wanda ya ƙaryata shi, alhali rabin matan nan sun sha ganinsa yana jibge kaya a ƙofa. Wa zai ɓata da mai gidan gobe saboda tsohuwar da ba ta da kowa? Alhaji ya miƙa hannu a ba shi makullin. Ƙullin ya daɗe a zanin har ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Ya karɓa ya ba Asama'u, matar Naziru, sannan ya ce tunda Yaya ta huta da hidima, a riƙa auna mata nata ta dafa a ɗakinta.

Daga ranar gaisuwa ta ragu. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ba ta kai ƙara ko'ina ba, don babu inda za ta kai.

Ranar farko ta azumi ta dogara sanda ta je ƙofar ɗakin abinci da kwanonta. Asama'u ta shiga, ta fito ta ɗora mata kwanon a hannu. Bai yi nauyin wake ba. Inna ta sa yatsa, ta ji abu yana tafiya a kansa.

"Asama'u, wannan ai na ƙwarin ne."

"Baba ya ce ba a zubar da abinci, Inna. Na jawo shi gaba kamar yadda kika koya mana. Sai kin cinye tsohon za a taɓa miki sabo."

Ta datse ƙofa, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.