Ranar da Inna Mero Ta Raka Muhsina

Inna Mero mai koko a Agege ta tsufa, kuma ba a kai amarya a unguwar sai da muryarta. Ita ke ba da waƙa, sauran tsofaffi su amsa da tafi.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, aka ɗauki Muhsina, marainiyar Malam Isah mai shayi, zuwa gidan miji a Abule Egba. Suna cikin danfo Inna Mero ta lura amarya na dariya ƙarƙashin lulluɓi. Dangin ango kuwa sun zo daga Haɗeja, kuma amaryar da ta shiga da busasshen ido, marar kunya za su kira ta har ta tsufa.

Ta ɗauko waƙa: "Durƙusa ki gai da surukai, 'yata. In an faɗa miki mai zafi, haɗiye ki kwana."

Mata suka amsa: "Haƙuri, amarya, haƙuri."

"Inna, ai gidan nan kusa ne," in ji Muhsina. "Ko okada ya maido ni."

"Rufe bakinki, ja'ira!"

Sai ta sassauta murya, ta sako sunan marigayiya uwar amarya: "Kalsum ta zauna da kowa lafiya, 'yar Kalsum kar ki ba ta kunya."

 Da kuka Muhsina ta sa ƙafar dama a ɗakinta, uwar ango ta rungume ta tana cewa, "Yi shiru, 'yata, kin zo gida."

Har yau Malam Isah ba ya wuce teburin kokon nan bai tsaya ya yi godiya ba.