Tikitin Sodangi Mai Gwangwani

A Dandin Mahe in ka ce Sodangi Mai Gwangwani, kowa ya san manomin albasar nan da ba ya yar da takarda. Rasit ɗin taki, na gyaran famfon ban ruwa, har na maganin tari, duk suna cikin wani tsohon gwangwanin madara. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na fi kowa yi masa dariya.

Bara ɗiyarsa Munira ta gama karatun jinya a Abuja. Sodangi ya rantse sai ya ga an miƙa mata shaida da idonsa, kuma a jirgin sama zai je, tunda bayansa ba ya ɗaukar doguwar mota. Ya sai da albasa, ya nufi Bodinga wurin Kamilu mai POS, ya damƙa masa kuɗi a hannu. Kamilu ya biya kamfanin jirgi da katinsa. Kuɗi suka fita, tikiti shiru. Aka duba imel har akwatin tarkace, babu.

Sodangi ya ce, "Ba ni tashi sai ka ba ni takarda." Kamilu yana ƙunƙuni ya buga masa rasit.

Kai, ashe takardar nan ce za ta yi rana! Da Kamilu ya kira kamfanin, lambar cinikin da ke jikinta suka fara tambaya. Suka ce biyan ya makara kafin ya iso musu, kujerar da aka riƙe masa ta kuɓuce, amma za a mayar da kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai.

Kullum Sodangi sai ya sa a duba masa asusunsa. Wayam. Ya daina cin abincin kirki. Saura kwana huɗu biki na iske shi zaune, gwangwani a cinya, wallahi ya ba ni tausayi.

Matarsa Safinatu ce ta leƙo ta ce, "Malam, wai kai kab biya, ko Kamilu?"

"Kuɗɗina na!"

"Awo, amma ta katin wa sunka hita? In ka ba mutum aron jaki, gidan wa shi ka komawa?"

Muka kalli juna. Kuɗi ta hanyar da suka fita suke komowa. Muka hau babur sai Bodinga. Kamilu ya yi ta laluben saƙonnin banki, can ya dafe kai. Kwana uku ke nan da shigowar kuɗin asusunsa, sun ɓace cikin cinikin ranar kasuwa.

Nan take aka sake saye. Farashi ya ɗan hau, Kamilu ya cika don kunya. Tikiti ya faɗo imel, Sodangi ya sa aka buga kwafi uku.

Da ya dawo, ya buɗe min gwangwani. A saman duk takardun akwai hoton Munira cikin farar riga, shi a gefenta, baki har kunne.

Ya ce, "To, yi dariyar mana."

Ni dai tun ranar na nemi gwangwanina.