Mai Ɗigo da tankin ruwa

Mataimakin manajan ofishinmu ya tsufa a kan aiki ɗaya: yanka rubutun mutane. Mai Ɗigo muke ce masa. Tun da aka tura shi wani kwas yana saurayi ya dawo da imanin cewa manya ba sa karanta sakin layi. Duk rahoton da ya shiga hannunsa sai ya daddatsa shi, ya jera guntaye, kowanne da ɗigo a gaba.

Ni da nake buga takardun na sha gaya masa: “Ranka ya daɗe, jeri na kayan sayayya ne, ko matakan tada janareta. Maganar da ke da dalili a bar ta a haɗe.” Sai ya taɓe baki ya ce surutu ne.

Wata rana injiniya ya rubuto rahoto a kan rufin ofishinmu: “Rufin yana da kyau a ido, amma kada a ɗora masa tankin ruwa, saboda katakon ya ruɓe.” Gogan naka ya gyara:

• Rufi: yana da kyau
• Tankin ruwa
• Katako

Manaja ya duba, ya sa hannu, aka ɗora tanki. Bai yi sati ba ya rufto ta silin, daidai kan teburin Mai Ɗigo, yana fita cin abinci.

Da manaja ya tsare shi, muna jiyo shi ta ƙofa: “Amma yallaɓai… saboda ai… sai dai kuma…”

Ashe munafukin ya san kalmomin. Ajiye su ya yi don ranar kansa.