Radiya Mai Aiki Ido Rufe

Duk garin Tanout an ce Radiya sakatariya aljanu dubu take kira: ga ta gaban kwamfuta ido rufe, baki na motsi, takardu na fitowa!

Ƙarya ce. Ganinta ne ke dusashewa. Tun bara kibiyar linzamin kwamfuta ta ɓace mata a allo, aka ba ta madannai masu manyan baƙaƙe. Danna maɓallin Tab, mai tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi, take ƙirgawa: danna uku gurbin suna, bakwai gurbin kwanan wata. Yanzu baƙaƙen ma sun fara narkewa a idonta, shi ya sa take koyo ido rufe, kada aikin ya kuɓuce mata.

Taubashinta Yahuza ya leƙo. "Baiwata, aljanun sun iso?"

"Kai ne na farko. Kauce, ka tare mini ɗan hasken da ya rage."