Goggo Joda da Ungulayen Gona

A ruga Goggo Joda ta tashi, aure ya kawo ta Kagarawal, inda take sayar da nono. Wata rana mijinta, Malam Bubayero, mai fama da hawan jini, ya tafi gona da san nomansa, har azahar bai dawo ba. Ta bi sawunsa tare da 'yarsu Iklima.

Daga nesa suka hango ungulaye suna kewayawa a sama, saitin gonar. Iklima ta fashe da kuka, don ta zaci mahaifinta ne ya mutu.

"Inna, Baffa suke wa haka!"

Goggo ta ƙura wa ungulayen ido.

"Dubi, hawa suke yi. In rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi, su shiga cikinta su yi ta juyawa tana ɗaga su, ba sai sun kaɗa fiffike ba. Mai sauka nake tsoro."

Sai ɗaya ta saki ƙafafu, ta yo ƙasa wajen kwari. Goggo ta zubar da takalmanta ta ruga.

Ta tarar da Malam zaune yana korar ungulaye da hula. San ne ya faɗi ya mutu, shi kuwa ya kasa barinsa.