Lamba ɗaya, mutum biyu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabar ma'aikatan jinya a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Gwale, kuma a wannan aikin na koyi rashin yarda da takarda. Na ga satifiket ɗin da aka goge suna da reza, na ga lasisin da ya mutu tun shekara uku ana kawo min shi ana murmushi. Saboda haka idan CV ta zo hannuna ba na karanta ta daga sama. Wajen takardun shaida nake fara dubawa, ina neman inda ƙarya ta kwanta.

Wata shekara muka nemi nas guda ɗaya. Cikin masu nema har da 'yar maƙociyarmu ta Koki, yarinyar da aka haifa a gabana. Uwarta ce ta kawo min ambulan ɗin har gida. "Yaya, ga 'yarki nan," ta ce, "tun da babanta ya kwanta ita muke kallo."

Da na buɗe sai raina ya ɓaci. Yarinyar ta jera takardunta kamar yadda ake zaunar da mutane a ɗaurin aure, babba a gaba. Shaidar firamare ce a sama, sai ta saukar Alƙur'ani, sai sakandare, sai wasu tarukan bita da ba shekara ba sunan wanda ya shirya. Lasisin aikin jinya, wanda shi kaɗai doka ta ce sai da shi za ta taɓa majiyyaci, yana can ƙasa a raɓe. Ta sa lambar rajista, amma babu ranar da aka ba ta, babu ranar ƙarewa. Na ce a raina, mai ɓoye kwanan wata akwai abin da yake ɓoyewa.

Washegari a ofis na ci karo da wata CV tsaf-tsaf ta wata yarinya daga Ƙofar Na'isa. Lasisi a sama, hukumar da ta bayar, watan da aka bayar, watan da zai ƙare, lamba. Sauran kuma daga sabo zuwa tsoho. Ina cikin yabawa sai idona ya tsaya a lambar. Na jawo ta 'yar maƙociya na ajiye gefe da gefe. Iri ɗaya, ko ɗigo babu bambanci.

Lambar rajista ba a raba ta, ta mutum ɗaya ce. Ke nan ɗaya ta sata. Amfanin sa lamba a CV shi ne a tambayi hukumar ko ta wace ce, kuma na san haka sarai. Ban tambaya ba. Na dubi mai tsari na dubi mai hargitsi, na yanke hukunci ni kaɗai. Na cire 'yar maƙociya daga waɗanda za a kira, har ina jin na rufa wa uwarta asiri. Mako biyu ina gaida su sama-sama, ina kallon yarinyar ina mamakin yadda mai salihar fuskar nan ta iya wannan aiki.

Ranar ganawa, yarinyar Ƙofar Na'isa ta zo da takardunta na asali. Na ɗora yatsa a kan lasisin, na ɗora wani a kan CV. Lambobin ba su haɗu ba.

"Wannan lambar ta wace ce?" na tambaye ta.

Ta rikice. "Wallahi Anti ban duba ba. A shago aka buga min, yayana ya gyara jerin."

Muka kira mai shagon. Ko kunya bai ji ba. Ya ce ai in nas ta zo, CV ɗin nas ɗin da ta gabata yake buɗewa ya sauya suna, wataƙila ya manta layi ɗaya. Wadda ta gabata kuwa 'yar maƙociyata ce. Lasisin ta Ƙofar Na'isa na gaske ne, ta kuma iya aiki, mai asibiti ya ɗauke ta a ranar. Na roƙe shi ya jira a kira 'yar maƙociyata ita ma, ya ce gurbi ɗaya ne kuma ya cike.

Da la'asar na shiga gidan maƙociyata na faɗi gaskiya, don ba zan iya riƙe ta ba. Na zaunar da yarinyar muka sake jerin da biro: lasisi a sama da kwanakinsa da lambarsa, bitar da ba ta da shaida muka soke, firamare muka sauke. Tana rubutawa ba ta ɗago ba. Da muka gama ta miƙe, ta ɗaga katifa ta zaro lasisin a cikin leda, sauran shekara biyu ya ƙare. Ta ajiye min a cinya.

"Anti," ta ce, "katanga ɗaya ce fa tsakaninmu. Da kin aiko, da na kawo miki."