Barakatu da Tambaya ta Sha Huɗu

Ranar kasuwar Bukkuyum na kunyata kaina a gaban masu gero. Na hango Namadi, mai unguwar wata tunga a gundumar Gwashi, sai na tare shi da murya sama, ina masa barka da mutanensa sun daina shan ruwan rafi. Ni ne direban ƙungiyar da ke ƙididdigar ruwan sha a Anka da Gummi da Bukkuyum, kuma jiya-jiya na ji a ofis cewa gidaje masu shan rafi a tungarsa sun sauka daga hamsin da takwas cikin ɗari zuwa tara. Namadi ya kwance gorar da ke rataye a babur ɗinsa, ya miƙo mini. Ruwan kalar kunun kanwa. Mutane na kallo, dole na kurɓa. Kwana uku na yi ina zirga-zirga tsakanin tabarma da bayan gida. Wannan ya isa a kaina. Labarin na Barakatu ne, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ta taka ta ba.

A Gummi aka haife ta, 'yar maginin rijiya. Tana ƙarama ita ke zama a bakin rami tana jan guga cike da laka, don haka ta san rijiya kamar yadda wasu suka san dangi, ta san wadda ke riƙe ruwa har bazara da wadda ke ƙafewa tun ba a gama sussuka ba. Aure ya kawo ta Anka. Ta koyar a firamare shekara tara, ta bi gida-gida aikin rigakafi, daga nan ta koma aikin tambayoyi, saboda mace na shiga inda namiji zai tsaya a zaure. Ba ta iya zama. A tsaye take cin tuwo, kuma in ka ga takalmanta biyu wuri ɗaya to salla take yi.

Sau biyu ta jagoranci tambayoyin ruwa a tungar Namadi. Na farko shekara uku da suka wuce, da takarda da biro. Na biyu a kakar bara, da waya. Gidaje ɗari, su ɗin dai. Ƙungiyar ta ce za ta haƙa burtsatse a duk inda fiye da rabin gidaje ke shan rafi, kuma tungar na cikin jerin tun ƙidayar farko. Da sakamakon biyu ya fito, aka ja layi a kan sunan tungar. Ranar Alhamis za a aika jerin ƙarshe zuwa babban ofis. Barakatu ta ji wannan ranar Lahadi.

Abin ya hana ta sukuni. Da ƙafarta ta ratsa rafin nan, ta ga jarkoki a jere, ta ga mata na yashe rairayi da ƙoƙo. A wayarta ta tuna tana danna rafi, rafi, rafi har yatsa ya gaji. To ina tara ta fito?

Litinin da safe ta tsaya a kan Abdussalam, jami'in alƙaluma, wanda ya kama aiki wata huɗu da suka wuce. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya son a tsaya masa a ka. Ya nuna mata kwamfuta. Ga ƙidayar farko, ga ta biyu, kowacce da layin tambaya ta sha huɗu, kuma babu komai a layin sai lambobi. Wanda ya gada ya bar masa rubutu cewa uku na nufin rafi. Ya ƙirga uku a ta farko, hamsin da takwas. Ya ƙirga uku a ta biyu, tara. Ya ce lissafi ba ya da ɗan'uwa, kuma in Malama na da ja, ta kawo takarda, kada ta kawo abin da idonta ya gani.

Ta ce ya buɗe mata tambayar a waya. Amsoshi shida ne: famfo ɗaya, burtsatse biyu, rijiya mai murfi uku, rijiya marar murfi huɗu, rafi biyar, 'yan ga-ruwa shida. Abdussalam ya ce watakila rubutun wanda ya gada ne kuskure, watakila tun farko uku rijiya ce. Sai an ga tsohuwar takardar. A ofis babu, takardar ta tafi da kwalayen da aka kwashe tun kafin zuwansa. Babban ofis suka ce za su duba, kuma kowa ya san tsawon wannan dubawar.

Barakatu ta hau acaɓa zuwa tasha, ta shiga motar Gummi. Ta tuna da ɗan littafin horo da aka ba su a ƙidayar farko, mai tambayoyin da ba a cike ba, wanda ta bari a akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyarta. Ta samu akwatin. Littafin ya rame. Mahaifiyar tata, Inna Atine, wadda ke sayar da ƙuli-ƙuli, ta daɗe da gano cewa takardar tana da kauri, ba ta yagewa da mai. Shafi goma sha ɗaya sun riga sun bi masu saye. Barakatu ta tambayi ina sauran, Inna ta ce ita ba ta san takarda na da ranar dawowa ba, ta nuna mata faifai. A ƙarƙashinsa, an yanka gida biyu ana jiran ciniki, ga tambaya ta sha huɗu da tabon mai a gefe. Ko ruwa ba ta sha ba ta juyo.

Talata ta shimfiɗa gutsattsarin biyu a teburin Abdussalam. Amsoshi huɗu ne kacal: burtsatse ɗaya, rijiya biyu, rafi uku, 'yan ga-ruwa huɗu. Masu tsara ta biyu sun sa famfo a sama, sun raba rijiya gida biyu, sai kowace amsa ta matsa daga mazauninta. Ukun da ya ƙirga a ta biyu masu rijiya mai murfi ne. Kunya ta kama shi, amma ba mai gardamar banza ba ne. Nan take ya zana jadawali: biyar ɗin sabuwa ita ce ukun tsohuwa, uku da huɗun sabuwa a haɗe su su zama biyun tsohuwa. Ya ce sabuwa ake mayarwa ma'aunin tsohuwa, domin ana iya haɗe abin da aka raba, amma wanda ya ce rijiya shekara uku da suka wuce ba a san ko tasa na da murfi ba. Ya sake ƙirgawa. Rafi, arba'in da ɗaya. Rijiya, arba'in da tara, daga talatin da ɗaya.

Ya ɗago yana murmushi, ya ga ita ba ta yi ba. Arba'in da ɗaya bai kai rabi ba. Tungar na nan a waje.

Tana ta kai da komo tsakanin ƙofa da taga, takardar a hannunta, tana karantawa a fili kamar yadda ta karanta wa mata ɗari. A nan ta tsaya. Tsohuwar takardar ta ce, a lokacin rani, ina kuka fi ɗibar ruwan sha. Ta waya ta ce, a cikin mako biyu da suka wuce. Duka biyun da kaka aka yi su, lokacin da kowace rijiya ke cike har wuya. Ɗaya ta tambayi rani, ɗaya ta tambayi kaka.

"Wagga ba ta gyaruwa da jadawali, Malam," in ji ta. "Tambaya biyu ce daban. Rijiyoyin nan na san su. Biyu ubana ya gina, kuma kafin watan bazara ko kwaɗo ba ya zama cikinsu."

Abdussalam ya yarda ba za a ce an samu raguwa ba, kuma zai rubuta hakan ƙarara a rahoto. Amma rubutu ba zai mayar da suna cikin jeri ba. Masu burtsatse na son adadi na yanzu. Barakatu ta ce to a sake yin tsohuwar tambayar, kalma da kalma, ga gidajen nan ɗari, tunda har yanzu kaka ce. Shugabar ofis, Hajiya Safara'u, ba ta amince nan take ba. Hanyar ba kullum take biyuwa ba saboda rashin tsaro, kuma mako biyu ke nan Hajiya ba ta bar mota ta shiga can ba. Aka kira Namadi, ya ce yau da gobe lafiya lau, amma a fito kafin la'asar. Hajiya ta ba da yini ɗaya.

Ni na tuƙa su Laraba, cikina bai manta da ruwan wurin ba. Mata huɗu, gida ashirin da biyar kowacce. Barakatu ta hana kowa ƙara ko kalma, ta hana a ambaci burtsatse, don kada mace ta ce rafi saboda kwaɗayin famfo. Wata tsohuwa ta tambaye ta ko ƙungiyar tasu mantuwa gare ta, sau uku ana tambayar abu ɗaya. Ta ce mantuwar ce ta zo gyarawa, ta wuce gida na gaba. Gida huɗu sun tafi kiwo, ba a same su ba. Ba ta cike musu ba, ta rubuta babu kowa. Rana na karkata tana leƙa inuwa tana leƙa takarda, kuma muka bar tungar ana kiran la'asar, Namadi na ɗaga mana hannu mu yi sauri.

Cikin casa'in da shida, hamsin da biyar suka ce rafi. Ko da huɗun nan duka sun ce rijiya, an wuce rabi. Alhamis da hantsi sunan ya koma jeri, da bayanin Abdussalam a ƙasa cewa ba a kwatanta tambaya ta sha huɗu ta waya da ta takarda. Gutsattsarin nan mai tabon mai ya sa aka ɗauki hotonsu aka liƙa a rahoton. An haƙa burtsatsen bayan wata biyar. Barakatu ba ta je bikin buɗewa ba, tana wani ƙauye a Gummi tana tambayar mata game da gidan sauro, da tsohuwar takarda a jaka tana gwada ta da sabuwa kafin ta buɗe baki.

Da na gaya mata zan rubuta labarinta, na ce adalci ne in ambaci cewa ni na fara gano akwai matsala, tun ranar kasuwa. Tana ɗaura mayafi, ƙafa ɗaya a waje, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai Hayatu, mi kag gano? Cikinka ya gano. Da shi anka ba aikin, kai anka bari a gida, da tuni an gama."